Tambaya Ɗaya ga Kowa: Yadda Takardar Maki Ke Rage Alfarma a Wurno, Rabah da Goronyo

Ranar intabiyu ba ta ɓuya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Tun da hantsi baranda ke cika da samari da 'yan mata, kowa rungume da fayil, sai kuma dattawan da suka biyo 'ya'yansu don su gaisa da mutanen ofis. A ciki, mutum uku ko huɗu ne a bayan tebur. Wanda ya fara shiga za a tambaye shi sunan gwamna da ranar samun 'yancin kai. Na biyu a tambaye shi ɗan wane gida ne, daga nan hira ta koma kan mahaifinsa da zaman da suka yi da shugaban kwamiti a makaranta. Na uku ya sha tambayoyin nahawun Turanci har gumi ya keto masa. Da la'asar a haɗa kai a fitar da sunaye, kuma ko 'yan kwamitin sun yi rantsuwa cewa gaskiya suka bi, ba su da abin da za su nuna wa wanda ya faɗi.

A garuruwa irin Wurno da Rabah da Goronyo abin ya fi tsanani, domin kusan kowa ya san kowa. Mai neman aikin koyarwa daga Achida ko Gandi ko Shinaka da wuya a rasa wanda ya haɗa dangi ko unguwa ko jam'iyya da shi a cikin kwamiti. Sau da yawa ɗan kwamitin ba mugun mutum ba ne. Kunya ce ke cin sa, ga surukinsa ya aiko, ga limamin unguwa ya yi magana, shi kuma ba shi da katangar da zai fake a bayanta.

Damuwar ta daɗe a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa kuma aka binne shi a can a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji littafin Usul al-Siyasa, inda ya ja kunnen shugaba game da irin mutanen da yake jawowa kusa da shi da waɗanda yake damƙa wa aiki. An san abin da ake nema, wato mai iyawa kuma mai amana. Abin da ya rage shi ne yadda mutum uku za su gane shi a cikin minti ashirin da biyar.

Masu binciken ɗaukar ma'aikata sun fi shekara ɗari suna gwada wannan. A shekarun 1920, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Harry Hollingworth, ya ba da labarin manajojin ciniki 12 da suka gana da masu neman aiki 57, kowane manaja ya yi hirarsa yadda ya ga dama ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Akwai mutumin da wani manaja ya sa na 1, wani kuma ya sa shi na 57. Mutum ɗaya ne, kuma dukkan alƙalan ƙwararru ne a sana'arsu.

Akwai labarin da ya fi wannan. A 1979 makarantar koyon likita ta Jami'ar Texas da ke Houston ta gama intabiyu ta zaɓi ɗalibai 150, sai majalisar jihar ta ce a mayar da su 200. Dole aka koma aka kwaso mutum 50 daga cikin waɗanda kwamitin ya riga ya ƙi. Da aka bi sawunsu har suka gama karatu suka fara aiki a asibiti, ba a ga wani bambancin kirki tsakaninsu da waɗanda aka zaɓa da farko ba. An wallafa sakamakon a 1987. Malaman makarantar sun ɓata lokaci suna ganawa da ɗalibai, amma hirar ba ta raba gwani da wanda ba gwani ba.

Hira mai tsari kuwa ta nuna wani abu dabam. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa sun sake lissafin binciken da aka tara na shekaru da dama, suna auna yadda sakamakon kowace hanyar tantancewa ke dacewa da ƙwazon mutum bayan ya kama aiki. A ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa, ɗaya kuma ke nufin dacewa cif, hirar kara-zube ta samu 0.19, hira mai tsari ta samu 0.42, kuma ita ce ta zo kan gaba a duk hanyoyin da suka duba. Wannan adadi bai kai rabin hanya ba, saboda haka har da tsarin za a riƙa yin kuskure. Amma ya ninka na farko fiye da sau biyu, kuma kayan aikinsa takarda ce da biro.

Mutumin Sakkwato ya riga ya san ruhin abin daga musabaƙar Alƙur'ani, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986, kuma ake faro ta daga ƙananan hukumomi. Alƙalan musabaƙa ba sa jiran yaro ya gama su ce ya burge su. An raba makin hadda da na tajwidi tun kafin ya hau mumbari, an san abin da ake ragewa idan ya yi tuntuɓe ko aka buɗe masa, kowane alƙali na rubuta nasa, a ƙarshe a tara. Shi ya sa ɗan talaka daga ƙauye ke iya kayar da ɗan babban malami, jama'a kuma su yarda.

To, a ɗauka hukumar ilimi ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku za ta ɗauki malaman firamare shida don makarantun ƙauye, kuma mutum 40 masu takardar NCE da rajistar TRCN suka nema. Misali ne kawai, amma duk matakan da ke cikinsa na gaske ne.

Aikin yana farawa mako biyu kafin a ga fuskar kowa, kuma ba da rubuta tambayoyi ake farawa ba. Sakataren ilimi zai tara hedimastoci biyar ko shida da suka daɗe a ƙauye, ya ce kowa ya ba da labarin wani lokaci da malami ya yi abin da ya ceci aji, da wani lokaci da malami ya yi abin da ya ɓata shi. Ba a karɓar amsa irin «yana da ƙwazo». Ana son a ji me ya faru, me malamin ya yi, me ya biyo baya. John Flanagan ne ya tsara wannan hanya ta tattara aukuwa a 1954, kuma a kanta Gary Latham ya gina tambayoyinsa a 1980 lokacin da ya gwada su a kan ma'aikatan masana'antar katako.

Labaran da za su fito a nan ba irin na littafin kwaleji ba ne. Hedimasta daga fadamar Wurno zai kawo zancen aji da ke raguwa rabi idan aikin albasa ko shinkafa ya kankama. Na Goronyo zai tuna ambaliyar 2010 da makarantun da ruwa ya raba da malamansu. Na Rabah zai yi maganar yaran da suka zo Gandi gudun hijira bayan harin Tabanni na 2018, waɗanda wasu ba su taɓa riƙe fensir ba amma shekarunsu sun kai na 'yan aji huɗu. Idan aka tace labaran, yawanci abu huɗu ko biyar ke saura: iya bayani, gane inda yaro ya ɓata, riƙe aji mai yawa, hulɗa da iyaye, da tsayuwa a bakin aiki. Kowane ɗaya ya samu tambaya ɗaya. Biyar sun isa. Kwamitin da ya rubuta goma sha biyar zai gaji kafin azahar ya koma hirar da ya saba.

Ga tambayar hulɗa da iyaye, yadda za a karanta wa kowa ita kalma da kalma: «Kana koyar da aji uku. Wata yarinya mai ƙoƙari ta yi mako biyu ba ta zo ba. Ka ji cewa talla take yi wa mahaifiyarta da safe. Me za ka yi?»

Tambayar ita ce mai sauƙi. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne rubuta, tun kafin ranar, irin amsar da ta cancanci kowane maki. Hedimastocin nan su ne za su yi ta jayayya har su daidaita. Maki 1 na wanda ya ce zai rubuta ta a rajista cewa ba ta zo ba, ko zai hukunta ta idan ta dawo. Maki 3 na wanda ya ce zai sanar da hedimasta ya kuma aika a kira mahaifinta. Maki 5 na wanda ya ce zai fara binciken dalili, ya je gidan ta hanyar da ta dace, ko da rakiyar wata malama ko ɗan kwamitin makaranta ko mai unguwa, ya yi magana ba tare da kunyata iyayen ba, ya nemi mafitar da za su iya ɗauka kamar mayar da tallan bayan an tashi, ya kuma tanadi yadda yarinyar za ta cike abin da ya wuce ta. Maki 2 da 4 na amsar da ta faɗo tsakani. Idan babu wannan bayani a takarda, maki 4 na wannan alƙali shi ne maki 2 na wancan, kuma an koma gidan jiya sai dai da lambobi.

Tambayar gane kuskuren yaro ta fi kowace tona asiri. A miƙa wa mai neman aiki shafi ɗaya na littafin ɗan aji biyu, inda ya rubuta cewa 42 a debe 17 saura 35, 61 a debe 24 saura 43. A ce masa: «Me ke damun yaron nan, kuma me za ka yi masa gobe?» Wanda ya ce yaron ba ya mai da hankali, a ƙara masa aikin gida, maki 1. Wanda ya gyara amsoshin zuwa 25 da 37 ya sake nuna yadda ake aro, maki 3. Maki 5 na wanda ya lura cewa kuskuren iri ɗaya ne a duka biyun, yaron yana debe ƙaramar lamba daga babba a kowane layi ba tare da kula da wadda ke sama ba, saboda haka bai gane cewa 4 ɗin da ke cikin 42 goma huɗu ne ba, kuma ya ce zai kawo ƙullin kara goma-goma ya kwance ɗaya a gaban yaron. Iya Turanci ba ya taimakon kowa a nan, haka ma sunan gida.

Sauran ukun: koyar da darasi ɗaya na minti biyar, batu ɗaya ga kowa, tambaya kan yadda zai fara da sababbin yara goma da suka shigo aji tsakiyar zango ba su iya karatu ba, da tambaya kan wani lokaci a baya da ya ɗauki nauyin wani aiki, hanya ta yi wuya, da abin da ya yi. Wannan ta ƙarshe tana buƙatar kulawa. Idan aka ce lallai sai misali daga aikin gwamnati ko makarantar kuɗi, an fifita ɗan birnin da ya samu dama tun farko. Dole takardar ta faɗi cewa misali daga koyarwar gwaji ta kwaleji, ko Islamiyya, ko makarantar allo, ko gona, duk ɗaya ne.

Akwai tambayoyin da ake hana yi gaba ɗaya, a kuma rubuta hanin a saman takarda: ɗan wane ne, wa ya turo shi, wace jam'iyya, ko mace tana da aure, ko mijinta zai bar ta, ko tana da goyo. Idan zama a ƙauye sharaɗin aikin ne, sai a karanta wa kowa sharaɗin da lafazi ɗaya, mace da namiji, a tambaye shi ko ya amince. Harshe ma a yanke shi tun farko. Idan an yarda a amsa da Hausa, an yarda wa kowa, kuma Sakkwatanci ko Hausar wanda Fulatanci ne harshensa na gida ba abin rage maki ba ne. Idan ana son auna Turanci, a ba shi nasa gurbi da nasa maki, kada ya ɓuya a cikin sauran yana ci musu.

Sai lissafin lokaci, wanda kwamitoci da yawa ke mantawa. Mutum 40 a minti 25 kowanne ya kusa awa 17, wato kwana uku. Kafin magaribar ranar farko tambayoyin sun zaga gari ta waya. Mafita ita ce a fara da jarrabawar rubutu ta lissafi da karatu ga duka 40 a zama ɗaya, a ɗauki 18 na sama, uku ga kowane gurbi. Su 18 za su ci awa bakwai da rabi, rana ɗaya ke nan. A tara su a aji ɗaya, a karɓi wayoyi, wanda ya gama ya fita ta wata ƙofa, kuma a ja ƙuri'a don jerin shiga.

Jarrabawar rubutun ba ado ba ce, domin hira ba ta auna ilimin darasi yadda ya kamata. Jihar Kaduna ta ga haka. A 2017 ta ce malamai 21,780 sun kasa jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu, ta sallame su ta shiga ɗaukar sababbi. A 2018 kuma ta sake sallamar 4,562 daga cikin sababbin, bayan ta gano ba su cancanta ba. Duk matakin tantancewa da aka bari da rami, ta nan ake shigowa.

A cikin ɗaki, mutum uku sun isa: hedimasta mai ƙwarewa, jami'in duba makarantu, da mutum ɗaya daga wata ƙaramar hukuma, kuma ya kyautu a samu mace a cikinsu. Wurno da Rabah da Goronyo suna kusa da juna, musayar alƙali ɗaya ba za ta ci kuɗi mai yawa ba. Wanda ɗan'uwansa ko surukinsa ya shigo zai tashi, wani da aka tanada ya zauna. Mutum ɗaya ke karanta tambayoyi, a jere ɗaya. Idan amsa ta gajarta, abin da aka yarda a ƙara shi ne «sai me ka yi?» ko «ba mu misali», ba wani abu ba. Nan ne alfarma ke shigowa a ɓoye: a yi wa wani murmushi a ce «ba ka ganin ya kamata ka je gidan?», a bar wani yana lalube. Kowane alƙali zai rubuta abin da aka faɗa, ya ba da maki nan take kafin tambaya ta gaba, da biro, ba tare da ya leƙa takardar na kusa da shi ba. Shugaba shi ne na ƙarshen bayyana makinsa, don idan ya riga faɗa, ƙananan ma'aikata ba za su saɓa masa ba.

A ɗauka mutum biyu sun fito. Na farko saurayi ne mai digiri, Turancinsa garau, ya shigo da fara'a. Daga cikin maki 25, alƙalai sun ba shi 21 da 14 da 15. Ta biyu malama ce mai NCE, muryarta ƙasa-ƙasa, ta samu 19 da 20 da 18. Matsakaicinsa 16.7, nata 19. A tsohuwar hanya da saurayin ya wuce, musamman idan mai 21 ɗin shi ne shugaba. A nan kuwa tazarar maki bakwai tsakanin alƙalai biyu ƙararrawa ce. Ƙa'ida ita ce duk tambayar da aka samu bambancin maki biyu ko fiye, kowa ya karanto abin da ya rubuta a gwada shi da ma'auni. Sai a tarar a tambayar lissafi shugaba ya ba da 5, alhali abin da ke rubuce a takardarsa shi ne saurayin ya gyara amsa ya yi bayani da kyau. Ma'auni ya ce wannan 3 ne. Ba a zargi kowa ba, ba a ɗaga murya ba, shugaba ya gyara ya sa hannu a gefen gyaran. Mai yiwuwa ma bai san saurayin ba. Kwarjini da zaƙin baki kan sa alƙali ya ga komai na mutum da kyau, kuma wannan son rai ya fi na dangi wuyar kamawa saboda mai shi bai san yana yi ba.

Ana iya gane tsarin da ya lalace daga takardunsa. Idan kusan kowa 4 da 5 yake samu, ma'aunin ya yi sauƙi ko alƙalai na gudun ɓata wa mutane. Idan makin alƙalai uku ya zo iri ɗaya a kowane layi, ba daidaito ba ne, an yi shawara kafin a rubuta. Idan gurbin bayani fari fat ne sai lambobi, an cike takardar ne bayan an yanke hukunci. Idan alƙali ɗaya kullum ya fi sauran ba 'yan mazaɓarsa maki, jeri ɗaya a kan allo zai nuna. Idan kuma waɗanda suka shiga da yamma suka fara amsawa da kalmomin ma'auni kansu, takarda ta fita.

Akwai abin da tsarin ba ya iyawa, kuma gara a faɗe shi. Ba ya taɓa wanda aka cire sunansa tun kafin jarrabawa, ko wanda bai ji sanarwa ba saboda an liƙa ta a sakatariya kawai. Ba ya hana a canza jerin sunaye bayan ya bar hannun kwamiti. Kuma yana iya cin karo da rabon gurabe, domin sashe na 14(4) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya buƙaci jihohi da ƙananan hukumomi su kula da bambancin al'ummar da ke cikinsu wajen tafiyar da hukumominsu. Wannan buƙata tana da hujja a nan. Malamin da ya fito daga ƙauyen da makarantar take ya fi zama idan hanya ta yi haɗari, kuma a gabashin Sakkwato wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hanyar gaskiya ita ce a sanar tun farko cewa gurbi kaza na mazaɓa kaza ne, a sa mafi ƙarancin makin da ba a sauka ƙasa da shi, misali 15 daga 25, sannan a cikin kowace mazaɓa mai maki mafi yawa ya ɗauka. Abin da ke kashe tsarin shi ne a tuno da rabon mazaɓu bayan an ga sakamako.

Saboda haka a tara maki a ranar, a gaban alƙalan uku, kowa ya sa hannu a kan jerin ya riƙe kwafi, a liƙa sakamakon da lambar kowane mai nema kafin a watse. Takardun maki kuma a adana su. Wanda ya faɗi yana da damar a nuna masa tasa. Bayan shekara guda jami'in duba makarantu ya ɗauko su ya shiga ajin malaman nan shida, ya ga ko wadda ta ci 5 a tambayar lissafi ita ce yaranta suka iya aro. Tambayar da makinta bai yi daidai da abin da aka gani a aji ba, a sauya ta kafin ɗauka ta gaba, a koma wurin hedimastocin a nemi sabon labari.